Yadda ake roƙon mai ba da shaida wajen neman aiki, da yadda ake koma masa da labari

A ƙarshen fom ɗin neman aiki ko na ƙaro karatu akwai wani gurbi da aka rubuta `Referees`, inda ake son sunayen mutum biyu ko uku da suka san ka, da muƙaminsu, da lambar waya da imel. Yawancin matasanmu a nan Katsina sai daren da za a rufe fom suke cike wurin. Su ɗauko sunan lakcaran da ya koyar da su a aji biyu, da na wani babba a unguwa, su tura. Daga baya a kira lakcaran, ya ce sunan bai faɗo masa ba. Ma'aikata ba za ta taɓa gaya maka cewa nan ne aka ajiye takardarka ba, shiru kawai za ka ji.

Mai ba da shaida aron sunansa yake ba ka. Saboda haka aikin yana da gaba biyu: ka nemi izininsa ka ba shi abin da zai faɗa, sannan in an gama ka koma ka gaya masa yadda ta kaya. Zan bi matakan da misalin wani ɗan maƙwabcinmu ɗan Daura. Ya yi digiri a fannin ƙididdiga a wata jami'a a nan jihar, ya yi bautar ƙasa a wata makarantar sakandare a jihar Neja, ya kuma yi wata takwas yana aikin wucin gadi na tattara bayanai a wani shirin abinci mai gina jiki a Sandamu da Mai'adua da Zango. Abin da ya nema shi ne gurbin jami'in bayanai a wata ƙungiya mai ofis a cikin Katsina, kuma sun ce mutum uku suke so.

Wa za ka zaɓa

Ka fara karanta abin da tallar ta ce. Wasu sukan ce dole ɗaya ya kasance wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa na baya-bayan nan. Na karatu kuma sukan so malaman da suka koyar da kai. Tallafin karatu na Chevening, alal misali, mutum biyu yake nema. Kusan kowa kuma ya haramta dangi. Ka kuma duba ko mai shaida ake nema ko garanto, don ba abu ɗaya ba ne. Garanto shi ne wanda bankuna da kamfanoni ke sa ya cike fom, ya manna fasfo, ya sa hannu cewa in ka yi ɓarna a neme shi. Mai shaida kuwa abin da ya sani game da aikinka da halinka kawai zai faɗa. In ka je roƙo ka bayyana wanne kake nufi tun a jumlar farko, domin mutane da yawa suna noƙewa ne don suna zaton lamuni za a ɗora musu.

Kuskuren da ya fi yawa a wajenmu shi ne neman babban suna. Yaron nan da farko wani hakimi ya so ya sa, da wani tsohon babban sakatare abokin mahaifinsa. Na tambaye shi: in an kira su aka ce wace manhaja ka iya aiki da ita, ko kana kawo rahoto a kan lokaci, me za su ce? Ya yi shiru. Za su ce ɗan gidan mutunci ne, kuma gaskiya ne, amma mai ɗaukar aiki ba abin da yake tambaya ke nan ba. Tambayoyinsu sanannu ne: tun yaushe ka san shi, a wane matsayi, daga wane wata zuwa wane wata ya yi aiki da ku, me aka ba shi ya riƙe, ina ya fi ƙarfi, ina yake buƙatar gyara, in da hali za ka sake ɗaukarsa? Ƙungiyoyin agaji sukan ƙara da tambayar ko an taɓa kawo ƙararsa kan mu'amala da yara ko mata ko kuɗi. Wanda ya zauna da kai a aiki ne kaɗai zai iya amsa waɗannan.

Don haka ya koma ya zaɓi Hajiyar da ta shugabanci tawagarsu a aikin tattara bayanai, da Daktan da ya duba masa furojet, da mataimakin firinsifal na makarantar da ya yi bautar ƙasa, wanda shi ne ya ba shi aikin haɗa sakamakon jarrabawa. Ya kuma ajiye mutum na huɗu a gefe, ko da wani zai ba da uzuri. In kana kan wani aiki yanzu kuma ba ka son maigidanka ya san kana neman wani, kada ka sa sunansa. Ka gaya wa masu ɗaukar aikin cewa za ka ba da shi in an kai matakin ba ka takarda.

Zuwa roƙon

Ba a rubuta sunan mutum sai an tambaye shi. In wasiƙa zai rubuta, ka ba shi sati uku zuwa huɗu. In kira kawai zai amsa ko fom zai cike, sati ɗaya ya isa. Ka lura da kalanda. Malamin jami'a a lokacin jarrabawa da makin ba shi da kansa. Goman ƙarshe na azumi wasu suna Umra, wasu suna itikafi, sannan ga hutun Sallah da lokacin aikin Hajji. Ranar Juma'a bayan sallah kuma ofis ya riga ya watse.

In mutumin yana kusa, ka taka da ƙafarka. Daga Daura zuwa Katsina tafiyar safe ce a dawo da yamma, kuma malamin da ya duba ɗalibai da yawa fuska ta fi suna saurin faɗo masa. Amma ka fara tura saƙo ka nemi lokaci, kada ka faɗo ofis kai tsaye. Ga irin wanda yaron ya tura wa Dakta:

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ni ne wane daga Daura, ɗalibinka da ka duba wa furojet kan yawan haihuwa a asibitocin karkara. Ina neman aikin jami'in bayanai a wata ƙungiya a nan Katsina, sun buƙaci masu ba da shaida, shi ne nake neman alfarma ko zan iya sa sunanka. Ba lamuni ba ne, tambayoyi ne kawai za su yi kan karatuna da halina. Za a rufe ranar 20 ga wata. In akwai lokacin da zan zo in gaishe ka in kawo takardun, zan zo. In kuma ayyuka sun yi yawa a wannan karon, babu komai, na gode."

Wannan jumlar ta ƙarshe tana da aiki. Mu mutane ne masu kunya, da wuya babba ya dube ka ya ce a'a. Zai ce "to, Allah ya kai mu", ko "bari mu gani", ko ya ce ka dawo wani satin, ka dawo ya sake cewa haka. In ka buɗe masa ƙofar uzuri, wanda ba ya so zai bi ta nan cikin mutunci. Mai so kuwa za ka gane shi don zai tambaye ka: wace ƙungiya ce, yaushe za su kira, turo mini takardunka. In ka yi tuni sau ɗaya ba ka ji irin wannan ba, ka yi godiya ka koma kan mutum na huɗu. Shaidar da aka bayar da ƙyar tana fitowa a murya, kuma mai kira ya saba jin ta.

Abin da za ka miƙa masa

In ya amince, kada ka bar shi da "na gode" kawai. Ka haɗa masa abu huɗu a saƙo ɗaya: si-bi ɗinka na yanzu, tallar aikin, ranar rufewa da hanyar da za a tuntuɓe shi, sai ɗan taƙaitaccen tuni na abin da kuka yi tare. Wannan tunin shi ne ya fi komai amfani, kuma shi aka fi mantawa. Ga abin da yaron ya rubuta wa Hajiya: watan da ya fara da watan da ya gama, ƙananan hukumomin da ya zagaya, cewa daga wata na uku shi aka ba duba bayanan sauran 'yan tawaga kafin a tura, da ranar da ya gano an shigar da gidajen wani ƙauye sau biyu aka gyara kafin rahoto ya fita. Hajiya ta san duk wannan ya faru, amma ta yi aiki da mutane da yawa tun daga lokacin. Da aka kira ta, labarin ƙauyen nan ta bayar, kuma irin wannan ne mai ɗaukar aiki ke rubutawa a takardarsa, ba "yaro ne mai hazaƙa" ba.

Kwanakin da ke tunin su zo daidai da na si-bi. In kai ka rubuta shekara ɗaya, ita ta ce wata takwas, ba za a ɗauka mantuwa ba ce. In kuma akwai wani abu da ka san zai iya tasowa, kamar ka taɓa maimaita kwas ko ka bar aiki kafin wa'adi, ka faɗa wa mai shaidar da bakinka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba roƙonsa kake ya ɓoye ba, so kake kada tambayar ta zo masa a ba-zata.

Sannan ka tambaye shi yadda yake son a rubuta sunansa da muƙaminsa, da lambar da yake ɗagawa, da imel ɗin da yake buɗewa. Nan akwai tarko. Masu ba da tallafin karatu da manyan ƙungiyoyi sun fi yarda da imel na wurin aiki, irin mai ƙarewa da `.edu.ng` ko `.gov.ng`, amma da yawa daga malamanmu sai su yi wata ba su leƙa shi ba. Ka sa na aikin in an buƙata, amma ka gaya masa cewa can saƙon zai faɗa. Haka ma waya: saboda 'yan damfara mutane sun daina ɗaga baƙuwar lamba, don haka ka sanar da shi cewa kira na iya zuwa daga lambar da bai sani ba.

Wani lokaci malami zai ce, "Je ka rubuto, in sa hannu." Abu ne da ake yi, amma ka yi hattara. Ka rubuta abin da ya faru kawai, da kwanaki da misalai, ka bar wurin yabo da hukunci a gare shi, ka tura masa ta yadda zai iya gyarawa. Kada ka rubuta wa mutum uku wasiƙa uku da salo ɗaya, mai karantawa zai gane hannu ɗaya ne. In kuma tsarin ya ce mai shaida ne zai tura da kansa ta mahaɗin da aka aiko masa, kada ka karɓi mahaɗin ka cike a madadinsa, balle ka buɗe imel da sunansa. In aka gano, kai da shi duka abin zai shafa. Wasiƙa ta kasance a takardar ofis mai tambari, da kwanan wata da sa hannu, kuma a ambaci aikin da kake nema. Tsohuwar wasiƙa mai kan `To Whom It May Concern` da aka yi ta kwafa shekara uku ba ta da nauyi sosai.

Batun kuɗi: ba a biyan mai shaida, kuma kada ka je roƙo da leda a hannu. Yana sa mutumin kirki jin nauyi.

Tsakanin roƙo da sakamako

A neman aiki, yawanci sai bayan intabiyu ake tuntuɓar masu shaida, wani lokaci wata biyu bayan ka roƙe su, kuma kwanaki kaɗan ake ba su. Saboda haka ranar da ka fito daga intabiyu ka tura wa kowannensu layi biyu: an yi yau, mai yiwuwa su neme ka cikin satin nan, ga sunan ƙungiyar. In tambayoyin intabiyun sun karkata wani wuri, ka faɗa. Yaron nan ya lura sun fi damuwa da ko zai iya horar da wasu, sai ya tuna wa mataimakin firinsifal cewa ya koya wa malamai biyu yadda ake haɗa maki a kwamfuta.

Kwana huɗu bayan haka ƙungiyar ta kira shi ta ce biyu sun amsa, saura ɗaya. Irin wannan kiran alheri ne, yana nufin kana cikin na gaba-gaba, amma agogo na tafiya. Ya kira Dakta, ya gaishe shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, sun ce sun turo fom ranar Litinin, ko za a duba cikin `Spam`?" Can kuwa yake. Tuni sau ɗaya ta saƙo, sau ɗaya ta kira, ya wadatar. In ya wuce haka, ka nemi izinin ma'aikatar ka musanya suna, kada ka yi ta buga wa dattijo waya har ya gaji da kai. Kada kuma ka tambaye shi me ya rubuta. Fom da yawa na sirri ne, tambayar kuma tana nuna kamar ba ka yarda da shi ba.

Komawa da labari

Nan ne akasarinmu muke faɗuwa. An samu aiki, a sa hoto a WhatsApp, malamin da ya cike fom da daddare sai a bakin wani zai ji. Ba a samu ba, kunya ta hana a koma. Shekara na zagayowa kuma a sake bayyana da sabon fom. Malamai suna riƙe wannan, ko ba su faɗa ba.

Ƙa'idar da nake bi ita ce mai shaida ya ji daga bakinka kafin ya ji a gari. In an ba ka aiki, ka jira takarda ta shigo hannunka ka amsa, don alƙawarin baki yakan canza. Daga nan cikin kwana biyu ka kira kowannensu. Babba kira ake yi masa ko a je, saƙo na biyo baya. Ka faɗi muƙamin, da inda aka tura ka, da ranar kama aiki. Ba sai ka faɗi albashi ba. In akwai abin da ka ji ya yi tasiri daga shaidarsa, ka ambata: "Ranki ya daɗe, sun ce maganar gidajen da aka shigar sau biyu ta ja hankalinsu." Wannan ya fi mata daɗi fiye da doguwar godiya, don ta san lokacinta bai tafi a banza ba. Yanzu ne in ka ga dama ka kai ziyara da ɗan turare ko goro, tunda ba sauran abin da kake nema.

In ba a samu ba fa? Abin da ya faru da yaron nan ke nan a wannan karon: ya kai matakin ƙarshe, aka ɗauki wani da ya fi shi shekarun aiki. Ya so ya yi shiru, na ce a'a, wannan saƙon ya fi na nasara muhimmanci. Mutanen nan uku sun san an kira su. In ba su ji komai ba, kowanne zai iya zaton ko wani abu da ya faɗa ne ya jawo, ko kuma ka samu ka manta da shi. Ga abin da ya tura:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Sakamakon aikin nan ya fito, Allah bai nufa ba a wannan karon. Na kai zagayen ƙarshe, sun ce sun ɗauki wanda ya fi ni daɗewa a aikin. Na gode ƙwarai da lokacin da ka ba ni, Allah ya saka da alheri. Ina ci gaba da nema a wannan fannin. In ba damuwa zan so in ci gaba da sa sunanka, kuma duk lokacin da zan sa zan sanar da kai tukuna."

Babu ƙorafi a ciki, babu "an yi mini hanya", babu zargin cewa 'yan uwansu suka ɗauka. Ko da kana jin haka a ranka, ba wurin faɗarsa ba ne, domin mai shaida na iya sanin mutanen wurin, Katsina kuwa ba ta da girman da magana za ta ɓata. Ya faɗi dalilin da aka ba shi, wanda ya wanke masu shaidar daga zargin kansu. Ya faɗi abin da yake nema, don wanda ya san kana nema shi ne zai tuna da kai in ya ji gurbi. Ya kuma sabunta izini, saboda amincewar da aka yi maka a kan aiki ɗaya ba ta zama ta har abada ba. Hajiya ta amsa da addu'a, bayan sati uku kuma ta turo masa tallar wani gurbi a Funtuwa.

Akwai hali na uku, wanda ya fi yawa a ƙasar nan: shiru. Ba a ce an ɗauke ka ba, ba a ce ba a ɗauke ka ba. Kada ka jira sakamakon da mai yiwuwa ba zai zo ba. In sati shida ya wuce bayan intabiyu, ka tuntuɓi ma'aikatar sau ɗaya, sannan ka gaya wa masu shaida halin da ake ciki: har yanzu ba labari, ina ɗauka an wuce wurin, in wani abu ya canza zan sanar. Aikin gwamnati kan ɗauki watanni, don haka a can sai ka riƙa yin tuni duk bayan wata biyu ko uku, kada kira ya zo wa mutum bayan ya manta.

Na huɗu shi ne a ba ka aikin kai ka ƙi, ko ka janye tun kafin a gama, wataƙila don an tura ka nesa ga iyaye tsofaffi, ko ka samu gurbin karatu. Wannan kira yake buƙata, ba saƙo ba, kuma a ranar da ka yanke shawara. Mutumin ya gaya wa wasu cewa kai mai riƙe alƙawari ne. Ka faɗa masa dalili a taƙaice, ka tabbatar masa ka sanar da ma'aikatar a rubuce. Wanda ya karɓi takarda ya ɓace ba sallama, mai shaidarsa za a kira a tambaya.

Wanda ka roƙa amma ba a taɓa kiransa ba, shi ma yana cikin lissafi, har da mutum na huɗu da ka ajiye a gefe in ka riga ka yi masa magana. Ya amince, ya zauna da shiri, don haka saƙon da sauran suka samu shi ma ya samu. In nema ya ƙare ka kama aiki, ka buɗe si-bi ɗinka ka cire lambobinsu da imel ɗinsu daga kwafin da kake rabawa, ka kuma goge su daga shafukan neman aiki da ka taɓa cikewa. Ka ajiye sunayen a wata takarda daban, tare da ranar da ka roƙi kowanne da aikin da ka sa shi a kai, don in buƙata ta sake tasowa ka san daga inda za ka ɗauko maganar.